Yadda za ka karkata goshin jirgi ka fita daidai mashigin da ke kallonka, ko da ruwa na ja

Duk wanda ya taɓa tsallake Binuwai ko Kwara a kwale-kwale lokacin da kogi ya kawo ya ga wannan abin da idonsa: mashigin da za a je ga shi can yana kallonku sak, amma matuƙi na tashi sai ya karkata goshin jirgi wajen da ruwa ke fitowa kamar wani gari daban ya nufa, baƙo a cikin jirgin har ya fara cewa malam ina kuma za ka kai mu, can sai ga ku kun dira daidai inda ake so. Kawuna matuƙi ne, tun ina yaro nake ganin yana yin haka, sai da na girma na fara koyar da fiziks sannan na ga ashe abin da hannunsa ya sani shi ne yara ke faɗuwa a kai a jarrabawa shekara da shekaru. To bari mu bi shi daki-daki, da lissafin da kuma yadda ake yi a kan ruwa in babu kalkuleta.

Kalmomi biyu zan riƙa amfani da su, a riƙe su. In na ce sama, ina nufin wajen da ruwa ke fitowa. In na ce gangare, wajen da ruwa ya nufa.

Abu na farko da za ka sa a ranka

Inda goshin jirgi ke kallo daban, inda jirgin ke tafiya daban. A mota abu ɗaya ne don titi ba ya motsi, shi ya sa kai ya saba da haka. A kogi kuwa titin kansa tafiya yake. Inji ko filafili yana tura jirgi ne a cikin ruwa, shi kuma ruwan gaba ɗayansa yana ɗauke da jirgin yana gangarawa da shi, ko an kunna inji ko ba a kunna ba. Mutumin da ke tsaye a gaɓa, abin da yake gani shi ne haɗin tafiyar nan biyu.

Saboda haka in kana so ka fita daidai inda ke kallonka, dole ka raba ƙarfin jirginka gida biyu. Wani kaso ya tafi wajen ture jan ruwa, daidai wa daida, kada ya gaza kada ya wuce. Abin da ya rage shi ne zai ƙetarar da kai. Karkatar da za ka yi wa goshi ita ce ke yin wannan rabon, kuma duk aikin da ke gabanmu shi ne sanin digiri nawa za a karkata.

Mataki na ɗaya: auna gudun ruwa

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wannan a gaɓa ake yinsa kafin a shiga. Ka sami wuri miƙaƙƙe a bakin kogi, ka auna mita 30, in babu tef ka yi taku manya-manya, takun babban mutum in ya buɗe ƙafa ya kusa mita ɗaya. Ka kafa alama a farko da ƙarshe. Sai ka jefa guntun itace can cikin ruwa, sama da alamar farko kaɗan, ka danna agogon waya lokacin da ya zo daidai alamar farko, ka tsayar lokacin da ya zo ta biyu.

A ce ya ɗauki sakan 20. Mita 30 raba 20, mita 1.5 ke nan a sakan ɗaya. Shi ne gudun ruwanmu a wannan misalin, zan kira shi u.

Abu biyu ke ɓata wannan awon. Na farko a jefa abu mara nauyi irin robar ruwa wadda babu komai ciki, wannan iska za ta bi ba ruwa ba, gara itace mai ɗan nauyi da zai nutse rabi. Na biyu kuma shi ya fi yawa, a jefa shi nan kusa da ƙafa. Ruwan bakin gaɓa malalaci ne, yashi da ciyawa na riƙe shi, ƙarfin kogi yana can tsakiya, in kuma wurin lanƙwasa ne to yana wajen gaɓar waje inda ruwa ke cin ƙasa. Ka wurga iya ƙarfinka, ka maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici, kuma ka san cewa can tsakiya zai iya fin abin da ka samu. Awon jiya ma ba lalle ya yi yau ba. Binuwai na watan Satumba da Oktoba ba shi ne na watan Afrilu ba da tsibiran yashi ke fitowa, a Yamai kuma Kwara sau biyu take cika, da damina sannan wajen Disamba zuwa Fabrairu lokacin da ruwan ƙasar Gini ya iso, babu ko ɗigon ruwan sama amma kogi na ja.

Mataki na biyu: auna gudun jirgin, amma a cikin ruwa

Nan mutane ke rikicewa. Gudun da lissafi ke buƙata shi ne wanda jirgin zai yi a ruwa kwantacce, irin na tafki, zan kira shi v. In ka buɗe manhajar waya mai nuna gudu kana cikin kogi, abin da za ta ba ka gudunka ne a kan ƙasa, ruwa ya riga ya sa hannu a ciki.

Dabarar mai sauƙi ce. Ka yi tafiya miƙe zuwa sama ka rubuta gudun, ka juyo gangare ba tare da ka taɓa totur ba ka rubuta. A ce a hawa waya ta nuna kilomita 3.6 a awa, a gangarowa ta nuna 14.4. Ka haɗa su ka raba biyu, 9, shi ne gudun jirgin. Ka cire ƙaramin daga babban ka raba biyu, 5.4, shi ne gudun ruwan. Ka ga ka sami duka biyun a tafiya ɗaya, har ka gwada awon itacen nan ko ya yi daidai. Don mayar da kilomita a awa zuwa mita a sakan sai ka raba da 3.6, wato 9 ya koma 2.5, shi kuma 5.4 ya koma 1.5.

In ba waya sai agogo kawai, ka yi tsakanin alama biyu, a ce mita 120. Hawa ya ci sakan 120, gudu 1 ke nan, gangarowa ta ci sakan 30, gudu 4 ke nan. To a kula, gudun ake haɗawa a raba biyu ba lokacin ba. 1 da 4 rabinsu 2.5, daidai. Wanda ya haɗa sakan 120 da 30 ya raba biyu ya sami 75, zai fito da 1.6, kuma wannan lambar ba ta jirgin ba ce ba ta ruwan ba ce.

Sannan ka auna shi da irin kayan da za ka ɗauka. Kwale-kwale fayau da wanda aka loda wa buhunan shinkafa da babur biyu da mata 'yan kasuwa ba gudunsu ɗaya ba ko da injin ɗaya ne.

Mataki na uku: kwatanta lambobin kafin komai

Kafin ka taɓa kalkuleta ka dubi lambobin biyu. Jirgi 2.5, ruwa 1.5. Jirgi ya fi ruwa gudu, to za a iya. In ruwan ya kai jirgin ko ya fi shi, babu wata karkata a duniya da za ta kai ka daidai inda ke kallonka, zan dawo kan wannan a ƙasa don akwai abin yi.

Mataki na huɗu: fitar da karkatar

Ka raba gudun ruwa da gudun jirgi. 1.5 raba 2.5 ya ba da 0.6. Ma'anarsa kashi shida cikin goma, shi ne girman abin da jirgin zai mayar wajen sama don ya kashe jan ruwa. Karkatar kuma zan kira ta θ. Ƙa'idar ita ce:

```
sin θ = u / v
θ = sin⁻¹(1.5 / 2.5) = 36.9°
```

A kalkuleta ka danna SHIFT sannan sin sannan 0.6. Ka tabbata tana kan DEG, in ka ga ta ba ka 0.64 to tana kan RAD ne, canza ta. Amsa wajen digiri 37, kuma daga layin da ya tsallaka kogi sak ake auna ta, a karkata zuwa sama.

Me ya sa sin ba tan ba? Nan ne nake so a zauna sosai don nan ne mafi yawan ɗalibai ke zamewa. Ka zana alwatika. Gefe ɗaya ya tsallaka kogi sak, shi ne tafiyar da kake so mutumin gaɓa ya gani. Gefe na biyu ya kwanta tare da kogi, shi ne jan ruwa, 1.5. Waɗannan biyun su suka haɗu a kusurwa mai digiri 90. Gefe na uku, dogon da ya kwanta a karkace, shi ne inda goshi ke kallo, tsawonsa 2.5. Wato gudun jirgi shi ne gefe mafi tsawo, kuma gefen da ke fuskantar kusurwar karkatar, wato jan ruwa, a raba da gefe mafi tsawo ai sin ne.

Shi tan yana da wurinsa amma a wata tambayar daban. In ka miƙe goshi sak ba ka karkata ba ka bar ruwa ya ja ka, a nan 2.5 ɗin ne ya tsallaka kogi, dogon gefen kuma shi ne hanyar da ruwa ya kai ka, tan ya ba ka digiri 31. Lambobin iri ɗaya, alwatikar ce ba ɗaya ba. Hanyar da nake ce wa yara su gane ita ce su tambayi kansu, wa ya tsallaka sak, goshin ne ko tafiyar? In goshin ne, tan. In tafiyar ce, sin.

Kada ka ce ai 31 da 37 duk ɗaya ne. A kogi mai faɗin mita 600, in ka riƙe 31, abin da kake turawa sama wajen 1.29 ne kawai alhali ruwa na jan 1.5, ɗan gibin nan yana taruwa har sakan 280 da za ka yi a ruwa, ka fita wajen mita 60 gangare da mashigi. Mita 60 a bakin kogi zai iya zama taɓo ko gaɓa mai tsayi da ba a iya hawa ko kuma tarun wani.

Sai kuma yadda ake faɗin amsar, don malamai na tambaya ta fuska daban-daban. Digiri 37 daga layin tsallake, shi ne dai digiri 53 daga gaɓa ta wajen sama, shi ne kuma digiri 127 daga inda ruwa ya nufa. Duk karkata ɗaya ce. In da kamfas kake aiki, a ce kana gaɓar kudu ta Binuwai a wurin da ruwa ya nufi yamma sak kana son arewa, ruwa daga hannun damanka yake fitowa, sai ka riƙe 037 a kamfas. A dawowa kudu kake so, wato 180, sama kuma tana hagunka yanzu, sai ka cire 37 ka riƙe 143.

In babu kalkuleta, ga yashi nan

Wannan na fi so ma don ido ke gani. Ka ja dogon layi a ƙasa ya nufi mashigin can. Daga inda layin ya fara ka ja wani ya bi gangare, taku 3, a madadin 1.5. Ka sami igiya ko kara mai tsawon taku 5, a madadin 2.5, ka dafe kansa ɗaya a ƙarshen taku ukun nan, ka juya ɗaya kan har ya taɓa dogon layin. Yadda karan nan ya kwanta, haka goshin jirginka zai kwanta. In ka auna daga farkon dogon layin zuwa inda karan ya taɓa za ka sami taku 4. In kuwa ka juya karan ya ƙi kaiwa layin, ka ga amsarka ke nan, ruwa ya fi ƙarfin jirgin.

Akwai kuma 'yan lambobi da ya kamata mutum ya haddace. In ruwa kwata ne na gudun jirgi, wajen digiri 14 zuwa 15. In rabi ne, digiri 30 cif. In ya kai kashi bakwai cikin goma, kusan 45. Yadda za ka ƙiyasta su a kan ruwa kuwa, ka ɗauki mashigin a matsayin ƙarfe 12 na fuskar agogo, ƙarfe 1 ko ƙarfe 11 digiri 30 ne, namu na 37 ya ɗan gota ƙarfe 1 kaɗan. Ko ka miƙe hannu gaba ɗaya ka dunƙula, faɗin dunƙulen wajen digiri 10 ne, ka jera huɗu saura kaɗan daga mashigin zuwa sama ka ga wace bishiya ta faɗo a wurin.

Mataki na biyar: minti nawa za a yi

Taku huɗun nan da muka gani a yashi, a madadin 2, shi ne gudun ƙetarewa na gaskiya, zan kira shi w, lokacin tafiyar kuma t, kuma ƙa'idar Pythagoras ce ke ba da shi:

```
w = √(v² − u²) = √(6.25 − 2.25) = 2
t = 600 / 2 = 300
```

Mita 2 a sakan, faɗin mita 600, sakan 300, minti biyar. A lura cirewa aka yi ba haɗawa ba. In ka ga gudun ƙetarewarka ya fi gudun jirgin, kamar 2.9, ka haɗa ne a inda ya kamata ka cire, don wanda ke kashe wani ƙarfinsa wajen kokawa da ruwa ba zai fi wanda ba ya yi sauri ba.

Yanzu mu gwada da sauran hanyoyin da mutum zai iya bi a wannan kogin, don a ga ko karkatar ta biya kuɗinta. Wanda ya miƙe goshi sak zai taɓa gaɓar can cikin sakan 240, ya riga mai karkata da minti ɗaya, kuma gaskiya ne babu karkatar da ta fi wannan saurin taɓa ƙasa, in mara lafiya ka ɗauko ko jirgi ya fara shan ruwa kana neman kowace gaɓa, haka za ka yi. Amma ruwa ya gangara da shi mita 360. In zai hauro da jirgin a ruwa mai ƙarfi iri ɗaya, 2.5 a cire 1.5 saura 1, sakan 360 ke nan ƙari, duka minti goma. A aikace ruwan gefen gaɓa ya fi laushi don haka ba zai kai haka ba, amma dai ya wuce minti biyar nesa ba kusa ba.

Sai hanyar da sabon matuƙi ke bi ba tare da ya san yana binta ba, kullum goshi na kallon mashigin. Ya tashi ya nufe shi, ruwa ya zame da shi, ya gyara ya sake nufarsa, haka haka. Tunda ya fi ruwan gudu zai isa, amma tafiyarsa za ta yi baka kamar lauje, a misalinmu sai ya zame wajen mita 140 gangare kafin ya fara haurowa, ƙarshen tafiyar goshinsa na kallon sama sosai yana jan ciki a hankali. Lissafinsa sakan 375 ne. Minti ɗaya da kwata ya ƙaru, ga mai da aka ƙona, ga kuma shiga ruwan da ba ka duba ba ko akwai dutse ko kututture.

Mataki na shida: riƙe layin a kan ruwa

Duk lissafin can ya ɗauka cewa ruwan gudunsa ɗaya daga wannan gaɓar zuwa waccan. A takardar jarrabawa haka ne, a kogi ba haka ba ne. In ka kafe a kan 37 daga tashi har sauka, a gefen farko inda ruwa ba ƙarfi za ka haura sama, a tsakiya ruwa ya kwashe ka, a ɗaya gefen ka sake haurawa, inda za ka fita sai yadda ta yiwu. Ƙara da iska, musamman in kaya sun yi tsini a jirgin ko akwai rumfa. Saboda haka lissafi farkon karkata yake ba ka, ido ne ke gyarawa.

Kuma ba mashigin kaɗai ake kallo ba, kallon abu ɗaya ba ya gaya maka ko kana zamewa. Abu biyu ake nema a can tsallake, ɗaya a bakin ruwa ɗaya can bayansa nesa, waɗanda suka hau layi ɗaya in ka dube su daga inda za ka tashi. A ce wata bishiya a mashigin, da ƙarfen sabis ko hasumiyar masallaci a bayanta. Muddin ƙarfen na ɓoye bayan bishiyar ko yana daidai kanta, kana kan layi, ko ina goshin ke kallo.

In suka rabu, ka dubi na bayan. Na baya yana bin ka ne, wajen da ka zame nan zai leƙo. In ƙarfen ya fito ta gefen gangare na bishiyar, ruwa ya ci ka, ƙara karkata sama. In ya fito ta gefen sama, ka yi yawa, sassauta. Wanda bai yarda ba ya gwada yanzu, ya ɗaga yatsa ya saita shi da wani abu a bango, ya matsar da kansa dama, zai ga abin bangon ya fito ta daman yatsan. Gyaran kuma kaɗan-kaɗan ake yi da wuri, da zarar ka ga haske ya fara shiga tsakaninsu, ba sai sun yi nisa da juna ka fizgi jirgi ba, don fizgar kwale-kwale mai lodi a tsakiyar ruwa mai ja shi ke sa ya kwanta gefe ruwa ya shigo. A haka za ka ga da kanka karkatar na canzawa, ƙarama a tashi, ta buɗe a tsakiya, ta sake raguwa in an kusa.

Ni a ganina in za a yi kuskure gara a yi shi ta wajen sama. Wanda ya fita sama da mashigi kaɗan sai ya rage wuta ruwa ya sauko da shi a hankali, goshi na kallon sama, sitiyari na hannunsa. Wanda ya wuce ƙasa kuwa sai ya sake biyan mai ya hauro.

Rage wuta da lodi, yadda suke cin lissafin

Karkatar ba ta san faɗin kogi ba, rabon u da v kawai ta sani, don haka duk abin da ya taɓa gudun jirgi ya taɓa ta. Mu bar ruwan a 1.5. An ƙara kaya, jirgi ya sauko daga 2.5 zuwa 2. Rabon ya koma 0.75, karkata wajen digiri 49, gudun ƙetarewa 1.32, lokaci kusan minti bakwai da rabi. Kashi ɗaya cikin biyar kawai gudun ya ragu amma tafiyar ta ƙaru da rabi. A ƙara sauko da shi zuwa 1.6, har yanzu ya fi ruwan gudu fa, amma karkata ta kai digiri 70 kuma za a yi wajen minti 18 a tsakiyar kogi, inji na ta kuka jirgi na tafiyar kaguwa. Abin ba a hankali yake lalacewa ba, da v ya matso kusa da u sai lokacin ya yi tsalle. Shi ya sa nake jin zafi in na ga ana cusa buhu na ƙarshe ana cewa ai nan da can ne. Lodin ya nutsar da bakin jirgi kusa da ruwa, ya kuma tsawaita zaman da za a yi a wurin da ya fi haɗari, ga mafi yawan fasinja babu rigar ceto a jikinsu. Alamar da za ka gane tun kana ciki ita ce matuƙi ya karkata har goshi ya kusa kallon sama sak amma alamomin nan biyu na ci gaba da rabuwa ta gangare.

In ruwa ya fi jirgi gudu

A ce filafili ne a hannunka, iyakarka 1.2, ruwa na 1.5. Ka raba ka sami 1.25, ka nemi sin⁻¹ kalkuleta ta rubuta maka Math ERROR, ba lalacewa ta yi ba, gaskiya ta faɗa. Ko duk ƙarfinka ka mayar sama ruwa zai ci gaba da tafiya da kai.

Abin da ya rage shi ne ka rage zamewar iya yadda za ta ragu, sannan ka biya ta tun kafin ka shiga. A nan lissafin juyewa yake, ƙaramin a raba da babban, 1.2 raba 1.5, 0.8, wato digiri 53 zuwa sama. Da wannan karkatar gudun ƙetarewa 0.72 ne, mita 600 za ta ci wajen sakan 833, kusan minti 14, ruwa kuma na zamewa da kai 0.54 a sakan, duka mita 450. Da ka miƙe goshi sak da sakan 500 za ka yi amma zamewar mita 750 ce. In kuma tsoro ya sa ka karkata fiye da 53, zamewar ƙaruwa za ta sake yi, don ka daɗe a ruwa ba ka cin gaba.

To sai ka bi gefen gaɓarka inda ruwa ke da laushi, da gora ko a ja jirgin da igiya, ka haura mita 450, ka ƙara wata hamsin ko ɗari saboda tsakiya da kuma gajiya, don babu hannun da zai riƙe gudu ɗaya minti 14 a jere. Daga can sai ka yanko. A wannan tafiyar alamomin bayan mashigi ba za su hau layi ba sai a ƙarshe, don haka ka nemi wasu biyu da suka saitu daga sabon wurin tashinka, mashigin da wani abu a bayansa ta gangare, ka riƙe su kamar yadda aka faɗa. Ka kuma duba tun daga gaɓa ko akwai wurin fita na biyu ƙasa da mashigin, in babu, ko kuma abin da ke ƙasan ƙafar gada ce ko duwatsu, ka jira jirgin inji.